Yadda muka janye man shafawarmu daga kasuwa: kwana biyar ɗin farko da abin da ya biyo baya

Ni ke kula da kwastomomi da shafukan soshiyal midiya na wani ƙaramin kamfani da ke yin man shafawa na jarirai, mu goma sha tara ne gaba ɗaya har da direba. A jikin kowace roba tamu akwai wata magana da muka buga tun farkon kamfanin, "Ba ma ɓoye miki komai", kuma a bangon ofis akwai wasu guda biyu bayan ita, ɗaya tace lafiyar yaro tana gaba da riba, ɗayar kuma tace kuskuren mutum ɗaya na kamfani ne duka. Shekara huɗu ina wucewa ta gaban bangon nan, ina ma saka maganganun a talla, amma sai ranar da abin ya faru na gane cewa alkawari muka ɗauka kuma akwai masu riƙe da shi.

Wata Laraba da daddare wajen ƙarfe tara wata uwa ta saka hoton bayan jaririnta duk ƙuraje, gefe kuma robar manmu a buɗe da wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a bakin murfin. Ta rubuta cewa ga masu cewa ba sa ɓoye komai. Kafin sha ɗaya an yaɗa hoton ya fi ƙarfin in ƙirga, wayata sai ƙara take, wasu na turo hoton tasu robar suna tambaya ko lafiya, wasu zagi kawai, wasu kuma da gani ba su taɓa sayen kayanmu ba.

Abu na farko da nayi, kuma har yau ina ganin daidai ne, na zuƙo hoton na duba gindin robar. Kowane haɗi da muka yi yana da lambarsa da ake bugawa a ƙasa, to lambar ta ɗan fito a hoton. Na kira mai kula da haɗi nace ya duba littafi, yace haɗin wata biyu da suka wuce ne, roba 1,800. Muna ajiye samfur daga kowane haɗi a sito saboda irin wannan rana, sai nace da shi don Allah ya je ya ɗauko tun a daren. Ƙarfe sha biyu ya turo min hoto, daga cikin roba shida da aka ajiye biyu sun canza wari, ɗaya ma ta ɗan kumbura. Daga nan na san maganar matar ba sharri ba ce.

Mun haɗu a waya mu huɗu, Hajiya mai kamfanin, Barista, mai kula da haɗi da ni. Barista ya fara da abin da kowane lauya zai faɗa kuma ba laifinsa bane, aikinsa kenan, yace kar a rubuta komai da zai zama amsa laifi, kar a ce "ku yi haƙuri", a jira sakamakon lab. Matsalar ita ce gwajin ƙwayoyin cuta ba abu ne na awa ɗaya ba, shuka samfur ake yi a faranti a jira su tsiro, bakteriya kamar kwana uku, fumfuna kuma har kwana biyar ko fiye. Kenan kwana biyar za mu yi shiru alhali akwai iyaye da gobe da safe za su yi wa yara wanka su shafa musu man nan. Wani kuma daga cikinmu ya kawo shawarar a rufe wajen kwament a samu masu mabiya da yawa su yi ta yabon kayanmu har hoton ya nutse.

Nace Hajiya ranki ya daɗe, bari in karanta mana abin da ke jikin robar. Na karanta, sannan nace mu ɗauki shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya mu ga wadda za ta iya zama kusa da wannan jimlar. Shiru na kwana biyar alhali mun ga samfurinmu ya lalace, ɓoyewa ne. Rufe kwament ɓoyewa ne. Biyan mutane su yi yabo ba tare da sun ce an biya su ba, wannan ya ma fi ɓoyewa muni. Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan tace Barista, ka taimaka mana mu faɗi gaskiya ta hanyar da ba za mu faɗi abin da ba mu sani ba, amma shiru kam babu shi.

Wannan rabewar ita ta cece mu a daren, tsakanin abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Na raba takarda gida uku. Abin da muka tabbatar: lambar haɗin, yawan robobin, da cewa wasu daga samfurinmu sun canza. Abin da ba mu sani ba tukuna: mene ne ya tsiro a ciki, me ya jawo, ko ya shafi wasu haɗin, da kuma ko man ne ya jawo ƙurajen yaron, domin wannan likita ne kaɗai zai iya magana a kai. Gida na uku, abin da muke so mutane su yi yanzu yanzu. Barista ya yarda da kalmar haƙuri da sharaɗin a ɗaura ta a kan abin da muka tabbatar, wato mun sayar da kaya da bai kai yadda muka yi alkawari ba, ni kuma na yarda na cire wata jimla da na rubuta cikin ruɗewa wadda ke nuna kamar mun riga mun san man ne ya yi wa yaron illa.

Sanarwar ta fita ƙarfe bakwai na safe kafin lokacin wankan yara. Layin farko ba tarihin kamfani bane ba kuma "muna ɗaukar inganci da muhimmanci" bane, cewa muka yi duk mai robar da ke ɗauke da lamba kaza ta daina shafawa daga yanzu, ga hoton inda lambar take, in yaro ya nuna ƙuraje ko ja a fata a kai shi asibiti a tafi da robar. Sai bayani, sai haƙuri, sai muka ɗaure kanmu da cewa kullum ƙarfe shida na yamma za mu fito da ƙarin bayani ko da bayanin shi ne har yanzu muna jira. Hajiya ce ta sa sunanta a ƙasa, ba "hukumar gudanarwa" ba, kuma kafin sanarwar ta fita ita da kanta ta kira mahaifiyar yaron, saboda bai kamata matar ta fara jin amsarmu a bainar jama'a ba. Ba mu roƙe ta ta goge hoton ba, ko da wasa ba a kawo maganar ba.

A daren nan na tuna labarin maganin ciwo na Tylenol da kusan duk mai wannan aikin ya sani. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin da wani ya zuba wa gubar sayanayid, kamfanin Johnson & Johnson mai yin maganin ya janye kwalba kusan miliyan 31 daga duk faɗin Amurka, asarar ta kai wajen dala miliyan 100, kuma shugabansu na lokacin James Burke ya jingina matakin ne da takardar aƙidar kamfanin da aka rubuta tun 1943, wadda ta ce haƙƙin farko na masu amfani da kayan ne, masu hannun jari su ne a ƙarshe. Amma akwai wani bambanci da mutane ke mantawa in suna kawo labarin, su wani ne daga waje ya yi musu ta'asa, su ma an cuce su, shi ya sa tausayin jama'a ya zo musu da sauƙi. Mu kuwa tun a daren jikina ya ba ni cewa namu daga cikin gida ne, kuma wanda laifi ya fito daga hannunsa ba zai yi magana da muryar wanda aka zalunta ba, mutane suna ganewa nan take.

Janye kayan shi ne aikin da ya fi cin jiki. Cikin 1,800 ɗin, 500 suna sitonmu, aka killace su aka manna musu jan tef. 400 mun sayar kai tsaye ta oda don haka muna da lambar wayar masu su, mu huɗu muka raba muka kira kowa ɗaya bayan ɗaya, kira ba saƙo ba, domin saƙo ana iya ganinsa bayan kwana biyu. Sauran 900 suna hannun dillalai goma sha huɗu, a nan ne aka sha wuya, dan wasu dillalan cewa suka yi mu karɓe a hankali ba sai an yi surutu ba kar mu kashe musu kasuwa. Mun fahimce su, amma wanda ya riga ya saya a wajensu fa, ta ina zai ji? Muka ce za mu biya su kuɗin kayan gaba ɗaya da na mota, su kuma su manna sanarwar a inda suke sayarwa. Biyu sun ƙi, sun daina hulɗa da mu har yau.

Maganar mayar da kuɗi ma an yi gardama. Akawunmu yace a nemi rasit, kuma a ba mutum zaɓin wata robar maimakon kuɗi, ta fuskar lissafi yana da gaskiya domin an samu waɗanda suka turo hoto ɗaya sau biyu da lamba daban. Amma wa ke ajiye rasit ɗin man shafawa wata biyu? In ka sa sharaɗin da ka san yawanci ba za su iya cikawa ba, ka fifita riba kenan sai dai ka yi shi cikin ladabi. Muka tsaya a kan hoton gindin roba kawai, kuɗi cikakke, ko an sha rabin man ko ya ƙare. Mun san an ɗan cuce mu a ciki, Hajiya tace a bar shi.

Mun kuma dakatar da duk tallan da aka riga aka tsara zai fita da kansa. Wannan ƙaramin abu ne amma da na manta da shi, da ƙarfe goma na safiyar nan hoton jariri yana dariya zai fito da rubutun "fata mai laushi, hankali kwance" a saman sanarwar janye kaya. Sannan muka tara ma'aikata duka har da masu gadi da direba aka faɗa musu abin da ake ciki kafin su gani a waya, aka ce duk wanda aka tambaya ya faɗi abin da ke cikin sanarwar, in bai sani ba yace bai sani ba ya ba da lambata. Hukumar da ke kula da ingancin irin kayanmu ma mu muka rubuta mata da kanmu a ranar.

Kwana na biyu da na uku ba mu da sabon abu, amma ƙarfe shida na yi muka fito muka ce roba kaza ta dawo, mutum kaza muka samu a waya, lab ba su gama ba. Na lura zagin ya fara raguwa ne a daidai nan, tambayoyi suka maye gurbinsa, kuma ni a wajena alamar da nake dubawa kenan, in mutane sun koma tambayar "tawa lambar kaza ce, tana ciki?" to sun fara ɗaukarka a matsayin inda za a samu amsa. Kwament kuwa ba mu goge ko ɗaya ba sai guda biyu da aka saka lambar wayar wata ma'aikaciyarmu ana cewa a kira ta a zage ta, su ma mun rubuta a fili cewa mun goge kuma ga dalili.

Rana ta biyar sakamako ya fito. Ƙa'idar ISO 17516 ta ce kayan shafa na yara 'yan ƙasa da shekara uku kar ƙwayoyin da ke ciki su wuce 100 a kowane giram, namu ya wuce haka nesa ba kusa ba, fumfuna da bakteriya duka. Dalilin kuwa, man da ke da ruwa a ciki dole sai da sinadarin da ke hana shi lalacewa, mu muna amfani da sodiyam benzoyet da fotasiyam sobet, su kuma waɗannan ba sa aiki sosai sai haɗin yana da ɗan tsami, shi ya sa muke saukar da pH, wato ma'aunin tsami, zuwa wajen 5 da sitirik asid. Lab suka auna wannan haɗin suka samu 6.4, tsamin bai kai yadda ake buƙata ba kenan. Wato sinadarin yana ciki, an zuba shi daidai awo, amma kusan kamar babu shi. A littafinmu kuma an rubuta 4.9, saboda abin da mitar da muke auna pH da ita ta nuna kenan, bakin mitar ya tsufa ya daina karatu daidai kuma ruwan da ake saita ta da shi ya ƙare.

A nan ne magana ta uku ta jikin bango ta zo. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce wani ma'aikaci ya yi sakaci an kore shi, jama'a suna son jin haka, wasu ma a kwament suna ta neman a faɗi sunansa. Amma da muka buɗe fayil sai ga takardar da ma'aikacin ya rubuta tun kafin wannan haɗin yana neman a sayo sabon bakin mita da ruwan saiti, aka ce a bari sai wata mai zuwa. Sannan ƙa'idarmu ce ba a fitar da haɗi sai lab sun gwada, wannan kuma oda ta yi yawa aka fitar da shi ba a jira ba, kuma daga sama aka ba da izinin. Hajiya tace ni na sa hannu, a rubuta haka.

Sai kuma nawa. Ina bin tsofaffin saƙonni don in haɗa jerin masu wannan lambar sai na ci karo da saƙon wata mata sati uku kafin hoton, tace warin man ya canza. Ni na amsa mata, nace wataƙila an ajiye shi a wuri mai zafi ne, na aika mata wata robar, ban tambayi lambar haɗi ba ban kuma gaya wa kowa ba. Wallahi na fi minti talatin ina kallon saƙon nan, babu wanda ya san da shi sai ni da ita. Da na tambayi lamba a ranar da an janye kayan sati uku kafin yaron nan ya shiga wannan hali. Na kai wa Hajiya, Barista yace wannan kam shi ne abin da zai fi cutar da mu in an je kotu domin yana nuna an sanar da mu, kuma gaskiya ya faɗa. Hajiya ta tambaye shi, Barista in matar ta fito da sikirinshot gobe bayan mun ce mun faɗi komai, me za mu ce? Yace babu. Tace ko ba ta fito da shi ba ma ai mun sani. Aka saka shi a bayanin.

Bayanin rana ta biyar Hajiya ce ta yi shi a bidiyo, minti huɗu, ba kiɗa ba ado. Ta faɗi sakamakon da lambobinsa, ta faɗi maganar mita da takardar da aka yi watsi da ita, ta faɗi cewa ita ta ba da izinin fitar da kaya ba gwaji, ta faɗi ƙorafin farko da ba mu bi ba. Na cire duk wata jimla irin "an samu kuskure" na mayar da ita "mun yi kuskure", domin na tuna abin da ya faru da United Airlines a 2017 lokacin da aka ja wani fasinja a ƙasa aka fitar da shi daga jirgi, sanarwar farko ta shugaban kamfanin ta kira abin da sake wa fasinjoji wuri, kuma wannan lafazin ya ƙara wa wutar fetur sai da ya sake fitowa ya ba da haƙuri na sosai. Mutane sun ga hoto da idonsu, in ka zo da kalmar da ta fi hoton laushi ka raina musu hankali.

Ba zan ce bidiyon ya gyara komai ba. Ranar da ya fita zagin ya dawo sabo, musamman a kan maganar sati ukun, wasu suka ce da ma mun sani muka yi shiru, kuma ban ga laifinsu ba. Ciniki ya faɗi sosai na wata uku, har sauran kayanmu da lab suka tabbatar lafiyarsu ƙalau, sai da Hajiya ta dakatar da wani sabon kaya da muka shekara muna shiri. Akwai kuma inda muka tsaya ba mu faɗa ba, kamar bayanin lafiyar yaron da abin da aka yi tsakanin kamfani da iyayensa, mutane sun matsa amma wannan sirrinsu ne, alkawarinmu na rashin ɓoyewa a kan kayanmu ne da aikinmu, bai ba mu ikon tona na wasu ba. Iyakar abin da zan ce yaron ya warke, alhamdulillahi.

Gyaran da muka yi alkawari guda uku ne kawai, da gangan, domin mu iya cikawa a kuma iya kama mu in ba mu cika ba. Ana saita mitar kowace safiya da ruwan pH 4 da pH 7 mutum biyu su sa hannu. Babu haɗin da zai fita sai takardar lab ta dawo, kuma mai kula da inganci yana da ikon hana fita ko Hajiya ce ta ce a fitar, an rubuta wannan an sa hannu. Duk ƙorafin da ya shafi wari, kala ko fata, tambayar farko lambar haɗi ce, kuma a ranar ake ɗauko samfurin ajiya a duba. Bayan wata biyu aka gwada mu, wani babban dillali na jiran kaya lab kuma suka yi jinkirin kwana huɗu, yace in ba a kawo ba ya fasa, aka bar shi ya fasa.

Lissafin ƙarshe, dillalai sun dawo da 520 da ba a sayar ba, kenan 780 ne suka shiga gidajen mutane, cikinsu mun samu 430 ko dai an dawo da su ko an turo hoto mun biya. Saura 350 ba mu san inda suke ba, wataƙila sun ƙare an yar da robar, wataƙila wata tana cikin jakar wata uwa da ba ta hawa intanet. An sha ce min in sauke sanarwar daga saman shafinmu tunda ƙura ta lafa kuma tana tsorata sababbin kwastomomi, mun zauna da Hajiya muka duba ranar da wa'adin wannan haɗin zai ƙare, saura wata goma sha ɗaya, muka ce tana nan har ranar. Ko a satin da ya wuce wata ta turo hoton gindin roba tana tambaya, na duba lambar, tana ciki, na kira ta.